Yayata ta turo hoton atamfa daga Jamus ta ce in sayo mata

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Yayata da ke aure a Hambog ta turo mini hoton wata mata a wurin biki, ta ce in nemo mata irin atamfar da ke jikinta sak, za su yi anko su biyar. Na zaga kasuwar Nima a nan Accra, Ghana, ban gani ba. Ta ce in fara saye da kuɗina za ta biya ni. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe ina yi wa dangin maigidana da ke waje irin wannan aike daga nan Mamobi, bari in gaya miki yadda nake yi.

Kada ki sake fita kasuwa da hoton nan kaɗai. Atamfar da aka riga aka ɗinka, tela ya yanke bakinta, kuma a bakin nan ne kamfani ke buga sunansa da lambar samfurin. Saboda haka abu na farko, ki kira Yaya ki tambaye ta ina ta samo hoton. In ta san matar, ko ta san wanda ya san ta, a roƙe ta ta duba ragowar ƙyallen da tela ya mayar mata, ko ɗankwalin, don galibi ba a yanke masa baki. A ɗauki hoton rubutun gefen. Da kin samu suna da lamba, rabin wahalarki ta ƙare. Ki kuma ce ta sake turo hoton a matsayin fayil, wato ta zaɓi Document a WhatsApp, domin turawar da aka saba tana matse hoto har ƙananan furanni su caɓe.

In ba a san matar ba, to sai Makola, babbar kasuwar Accra. Ki nufi layin masu atamfa, ki nemi dattijuwar da ta daɗe a sana'ar, ba yarinyar da ke tsaron shago ba. Tsofaffin samfura suna da sunaye a wurinsu, irin su Nsubura, ko Ahwenepa nkasa, ko Sika wo ntaban mai tsuntsaye. Tana ganin furen za ta kira miki sunansa, in ma ba ta da shi za ta aika a ɗauko daga rumfar wata. Amma fa sanin sunan ba ya nufin kin samu. Fure ɗaya ana buga shi a kala daban-daban, kuma kina iya ganinsa a Holan na Vlisco, ki ga mai kama da shi a GTP da ake yi a Tema ko ATL na Akosombo, ki kuma ga na kwaikwayo mai araha. A hoto duk ɗaya suke, a kuɗi kuwa tazarar tana da nisa ƙwarai. Dole Yaya ta faɗa da bakinta wane mataki take so. Ki juya atamfar ki duba bayanta: ta kakin gaske launin ya ratsa, ciki da waje kusan ɗaya ne, wadda aka buga a fuska ɗaya kuwa bayanta a koɗe yake. Ki karanta rubutun baki harafi-harafi, don masu kwaikwayo kan sauya harafi ɗaya kawai a sunan.

Inda aka fi samun rigima shi ne kala. Wata matar ƙanin maigidana da ke Amurka ta taɓa turo mini hoto ta ce shuɗiya take so mai ratsin ruwan zinare. An ɗauki hoton da dare a zauren biki, ƙarƙashin fitilu masu launi, an kuma gyara shi a waya. Da na samu furen a Makola, sai ga shi kala uku, kuma babu shuɗi mai haske irin na hoton ko ɗaya. Na roƙi mai rumfar muka fito da su bakin hanya inda hasken rana yake amma cikin inuwa, na kira ta ta bidiyo, na ɗora farar takarda a kan kowanne don ta ga yadda fari yake fitowa a wayarta, na kuma shimfiɗa tafin hannuna a kan furen don ta gane girmansa. Ashe abin da ta gani a hoton tsanwa ne mai duhu, fitilar ce ta mayar da shi shuɗi. Ta ce ita dai shuɗi take so, ta haƙura da furen, ta zaɓi wani daban. Na ɗauki hoton wanda ta zaɓa na tura, na ce ta amsa a rubuce cewa shi ne, kafin na miƙa kuɗi. Wannan rubutun shi zai raba ku gardama ranar da kaya suka isa, don 'yan anko biyar ba a rasa mai cewa ba shi ba ne.

Sai yawan yadi. Kada ku yi magana da turmi, ku ƙirga yadi. A nan cikakken ɗauri yadi 12 ne, rabinsa yadi 6, kuma mutanenmu da yawa yadi 6 ɗin suke kira turmi. In kowace za ta ɗinka kaba da siket har da ɗankwali ko mayafi, yadi 6 take bukata. Su biyar yadi 30 ke nan, cikakke biyu da rabi ɗaya. Ki saye su rana ɗaya a hannun mutum ɗaya, ki jera su kusa da juna ki duba, domin bugun da ya fito a lokuta daban kan ɗan bambanta a launi ko da lambar ɗaya ce. Ni da zan ba ta shawara ta ƙara yadi 6 a ajiye. Kullum sai an samu wadda ta shigo ankon a makare, lokacin kuma samfurin ya ƙare a kasuwa. Kada ki yarda a yanka miki ƙasa da yadi 6, abin da aka yanka ba ya komawa. Ki kuma yi magana da mai rumfar tun kafin biya, ko za ta canza miki in ba a taɓa ba, ta rubuta a rasit.

Maganar ki fara saye da kuɗinki, ban goyi baya ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Yadi 30 na atamfa mai kyau ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma kuɗin ba na Yaya kaɗai ba ne, sai ta bi mutum huɗu ta karɓo. Ki faɗa mata farashi da sidi, ba da yuro ba, ki ce na yau ne, don canji na motsi, 'yan kasuwa kuma suna binsa. Ki haɗa da kuɗin tiroto, da na kayayo da za ta ɗauko miki, da abin da ake cira in za ki fitar da kuɗi a momo. Ba rashin kunya ba ne, ai ita ma can a rubuce take biyan komai. In kina jin nauyinta, ki ce mai rumfar ba ta ajiye kaya sai an ba da kafin alƙalami, wanda kuma gaskiya ne.

Ki tambaye ta wa zai kai, da ranar tafiyarsa, tun kafin ki saya. Yadi 6 bai cika kilo ɗaya ba, amma guda biyar ko shida za su ci wa matafiyi kusan kilo biyar daga cikin 23 na akwatinsa, sai ya amince tukuna. Kada ki wanke, kada ki ɓare takardar da ke manne a jiki. Ki kai masa a buɗe ya duba da idonsa, don mai hankali ba ya karɓar ƙulli a rufe zuwa filin jirgi, sannan ki ɗauki hoton kayan a hannunsa tare da rasit ki tura wa Yaya.