Neman ƙarin albashi: ka je da lissafi, ba da kuka ba

"Shekara guda ke nan ina ta ƙoƙari a wurin aiki, amma albashina bai motsa ba. Ta yaya zan tunkari manaja ya duba?"

Ɗan'uwa, da farko ka bincika watan da ake tsara kasafin kuɗin ma'aikatarku, ka yi maganar wata biyu ko uku kafin nan. Idan an rufe kasafi, ko manaja yana so, ba yadda zai yi. Ka nemi ya ware maka minti 20, ka faɗa masa tun farko zancen albashi ne. Kada ka tare shi a bakin ƙofa.

Sannan ka rubuta shafi ɗaya, abubuwa uku kacal da ka inganta a aikinka, kowanne da yadda yake a da da yadda ya koma. A ce kai ne mai haɗa rahoton wata. "Ina aiki tuƙuru" ba hujja ba ce, kowa haka yake faɗa. Amma ka ce, "Ranka ya daɗe, rahoton da yake cin kwana 5 yanzu kwana 2 ne tunda na sake tsarin shigar da bayanai, ga shaidar," wannan zai iya kai wa na sama da shi, don galibi ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Aikin da kuka yi a tare kuwa, ka faɗi naka kason kawai, don ya san wanda ya yi me.

Ka ambaci adadi, misali kashi 10 cikin 100, sai ka yi shiru. Tsadar rayuwa da albashin abokin aiki, bar su a gida.

Idan ya ce "za mu duba", ka tambayi abin da ya rage ka cika da ranar da za ku sake zama, ka tura masa abin da kuka tsayar a rubuce a ranar da kuka yi maganar.