Daƙiƙa biyu na duba waya, mutum ya rasu: laifina ne ko ƙaddara?

Tambaya: Barista, ina cikin tuƙi saƙo ya shigo, na sunkuya na duba, kafin in ɗago na buge wani dattijo yana tsallaka titi. Ba gudu nake yi ba, kansa ne kawai ya bugu da ƙasa. Ashe yana shan maganin tsinka jini, jinin ya taru masa a ƙwaƙwalwa, bayan kwana huɗu ya rasu. Abokaina kullum suna duba waya a kan sitiyari, ba abin da ya same su. Don me ni za a tuhume ni da kisa?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙansa, kai kuma Ya ba ka mafita. Tambayarka ta daɗe tana cin ran masana. A 1976 masana falsafa Bernard Williams da Thomas Nagel sun yi muhawara a kanta, kuma Nagel ya kawo misalin direba: mutum biyu sun yi sakaci iri ɗaya, ɗaya ya isa gida lafiya, ɗayan yaro ya faɗo gabansa. A zuci ba su da bambanci. A kotu kuwa akwai bambanci mai girma, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Abin da alƙali zai fara tambaya shi ne ko ka yi sakaci. Da a ce idonka na kan hanya, kana tafiya daidai ƙa'ida, mutum ya faɗo maka ta inda ba direban da zai iya kauce masa, to a yawancin dokoki ba ka da laifi, ko da an rasa rai. Matsalarka ita ce wayar. Daƙiƙa biyu a gudun kilomita 40 cikin awa, motarka ta ci sama da mita 20 ba mai kallon gabanta. Wannan ɗin zaɓinka ne. Da ka yi shi, sai doka ta ɗora maka abin da ya biyo baya.

Maganar maganin tsinka jini ba za ta wanke ka ba. Ƙa'idar ita ce, wanda ka raunata, yadda ka same shi haka za ka ɗauke shi. A Ingila, farkon shekarun 1960, an yi shari'ar Smith da kamfanin Leech Brain: narkakken ƙarfe ya ƙona wa ma'aikaci leɓe, ƙunar ta tayar da ciwon dajin da ke kwance, ya mutu, kotu ta ce kamfanin ya biya. Sai dai an rage diyyar, domin mai yiwuwa ciwon ya tashi ko ba ƙunar. Riƙe wannan, zai iya amfanar ka wajen lissafin diyya.

Inda lauyanka ya kamata ya zura ido shi ne kwana huɗun nan. Ya nemi fayil ɗin asibiti da rahoton binciken gawa. Yaushe aka ɗauki hoton kai? An san yana shan maganin? Idan wani abu dabam ya shiga tsakani ya zama shi ne ainihin sanadin mutuwar, alhakin na iya sauka daga kanka. A 1956 kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta soke hukuncin kisa da aka yi wa wani Jordan, saboda raunin wanda ya soka ya kusa warkewa, sai aka ci gaba da ba shi maganin da jikinsa ya riga ya ƙi. Amma kada ka jingina da wannan sosai: ɗan jinkiri ko ƙaramin kuskuren likita ba ya isa, sai ɓarna mai muni.

Kafin nan, kada ka sake ba da jawabi sai lauya na gefenka, kada kuma ka goge komai a wayar. Bayanan kamfanin layi za su nuna lokacin, gogewar kuma wani laifin ne. Ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce. Ta'aziyya da neman sulhu da iyalan mamacin suna da kyau, amma ka bi ta hannun lauya, ka kuma sani cewa a wurare da yawa yafiyarsu ba ta tsayar da tuhumar hukuma, sassauci kawai take jawowa.

A ganina, wajen yanke hukunci ne hujjarka za ta fi aiki. Nan ne lauya zai nuna cewa ba ka gudu ba, ka kai shi asibiti idan ka kai, ba ka taɓa laifi ba, kuma girman sakamakon ya zarce girman sakacin. Ko fikihun Musulunci ya raba kisan kuskure da na ganganci: babu ƙisasi, akwai diyya da kaffara, diyyar kuma dangin mai kuskuren ne ke haɗuwa su biya, ba a bar masa shi kaɗai ba. Ka tambayi lauyanka wace doka ce ke aiki a inda abin ya faru, domin sunan tuhumar da tsawon hukuncin daga can za su fito.