Zanen Ruwan Sama da Amfanin Gona: Layi Biyu Sun Tafi Tare, Sai Me?

"Malam, ni ne sakataren ƙungiyar manoman masara a Kumo. Ɗana ya zana mana lissafin shekara shida a kwamfuta, ruwan sama a hagu, buhunan da muka girbe a dama. Layukan biyu tare suke hawa, tare suke sauka. Wasu sun ce tunda ruwa ne komai, a rage sayen taki. Mu yarda?"

Kada ku yarda, Malam Sakatare. Na gaji da ganin irin wannan zane a tarukan manoma. Ma'auni biyu ne a takarda ɗaya, milimita a hagu, buhu a dama, kuma mai zane ne ke zaɓar inda kowanne zai fara da inda zai tsaya. In bai zaɓa ba, manhajar lissafi ta Excel ta zaɓar masa.

Mu ɗauka ruwanku yana tsakanin milimita 800 da 1,000, girbi kuma buhu 18 zuwa 22 a hekta. Ka sa yaron ya saita ma'aunin dama daga 17 zuwa 23, za ka ga layin masara yana tashi da faɗuwa kamar dutse da kwari, yana bin ruwa sau da ƙafa. Sannan ya mayar da shi daga 0 zuwa 40. Layin zai kwanta, kai ka ce ruwa bai taɓa gonar ba. Alƙaluman ba su canza ba ko ɗaya. Inda layukan suka gitta juna ma ba ya nufin komai, domin ba a auna buhu da milimita.

Abin da ya fi damuna shi ne jimillar ruwan shekara. Masara ba jimilla take sha ba. Damina biyu na iya ba da milimita 900 kowacce: a ɗaya ruwan ya zo daki-daki, a ɗaya kuma ya ɗauke sati biyu daidai lokacin da masara ke goyo, sannan ya kwarara a Agusta ya wanke yuriya. A layin ruwan zanenku daminar biyu iri ɗaya ce. A rumbu fa?

Ga abin yi. Yaron ya zaɓi zanen ɗigo-ɗigo da ake kira Scatter a Excel: ruwa a layin ƙasa, buhu a layin tsaye, kowace shekara ɗigo guda. A jikin kowane ɗigo a rubuta buhun takin da aka zuba da ranar shuka. In ɗigogin sun jeru suna hawa, akwai alamar alaƙa. In sun watse kamar tsabar kaji, ba ruwa kaɗai ke aiki ba. Ɗigo shida kuwa sun yi kaɗan a ce saboda su za a hana gona taki.

"To in muna son ganin shekarun a jere?"

Zane biyu, ɗaya a saman ɗaya, shekarun a saiti. A na ruwa ku raba damina kwana goma-goma, a nan ne farin tsakiyar damina zai fito.