Turanci sanye da babbar riga

Malam barka da yamma. Labarin da aka ba ni jiya jimla ɗaya ce mai layi huɗu, na fassara kowace kalma daidai amma edita ya ce Turanci ne na sa wa babbar riga. Ta ina ake kama irin wannan?

Yauwa ɗana, na duba takardar taka. Kalmominka lafiya lau suke, inda ka zaunar da su ne matsalar. Ga abin da ka rubuta: "Direbobi uku, waɗanda, bayan ƙin tsayawa a shingen bincike, aka bi su har kasuwa, an kama su ranar Talata ta hannun 'yan sanda, kakakin rundunar ya ce."

To karanta da ƙarfi ka ji. Ka damƙa wa mai sauraro direbobi uku tun farko, yana riƙe da su yana jira, ka kewaya da shi shinge ka kai shi kasuwa, har yanzu bai san me ya same su ba, sai can ƙarshe ma yake jin ashe duk maganar wani ce. Mai karanta jarida zai iya komawa baya ya sake karantawa, mai sauraron rediyo kuwa in ta wuce ta wuce.

Ni ba na fara fassara sai na ja layi ƙarƙashin aikatau tukuna. A taka guda huɗu ne: ƙin tsayawa, bi, kamawa, cewa. Kowanne sai in tambaye shi, wa ya yi ka, kuma wa aka yi wa? Kamawa 'yan sanda suka yi, to su za su zo gaba, don ita Hausa in ta ce "an kama su" ta rufe ƙofa ke nan, babu gurbin da za ka cusa mai kamun daga baya yadda Turanci da Faransanci ke yi. Wannan "ta hannun" da kuke maƙalawa kuwa ni ciwon kai yake sa ni, ai kuɗi ake aikowa ta hannun mutum, ka mai da 'yan sanda 'yan aike. Shi kuma kakaki ɗauko shi daga wutsiya ka kawo shi kai. "In ji wane" a ƙarshe yana zama, amma fa in maganar gajera ce.

Sai ta koma haka: "Kakakin rundunar 'yan sanda ya ce jami'ansu sun kama direbobi uku ranar Talata. A cewarsa, direbobin sun ƙi tsayawa a shingen bincike, sai aka bi su har kasuwa."

Yanzu natsu, don a wajen yankan nan ake ɓarna. Da jimlar ke ɗaya, "ya ce" guda ya lulluɓe ta duka, da ka raba ta biyu sai rabin na biyu ya zauna tsirara. Cire "a cewarsa" ka gani, gidan rediyonku ne yanzu ke shaida cewa direbobin sun ƙi tsayawa, alhali zargi ne na ɓangare ɗaya, gobe lauyansu ya zo wa za ka nuna masa? Ina sabon shiga an taɓa sa ni karanta gyara a iska kan irin wannan, har yau ina jin kunyar.

Ka kuma lura ban ce "suka bi su" ba, na bar "aka". Asalin bai faɗi wa ya bi su ba, ƙila 'yan sandan ne ƙila 'yan banga, ba aikinka ba ne ka cike masa. Kuma "sai" na sa, ban sa "shi ya sa" ba, tunda kakakin jeranta abin ya yi, bai ce wannan ne dalilin wancan ba. Ranar Talata ma na bar ta manne da kamun, in ta zame ta faɗa jimla ta biyu ka canja ranar da wani abu ya faru ba ka sani ba.

Larabci ma haka, shi da aikatau yake yawan farawa. A zaure malam kan ce "ya tashi, shi Zaidu" don almajiri ya bi nassi kalma-kalma, wannan karatu ne, a labarai "Zaidu ya tashi" za ka ce.

In ka gama, kifa takardar Turancin, ka karanta wa ɗan saƙo ko maigadi Hausar sau ɗaya tak, ka tambaye shi wa ya kama wa, yaushe, wa ya faɗa. Duk wadda ya yi inda-inda a kanta, koma wurin. Sake min wannan ka turo kafin labaran ƙarfe takwas.