Kaya dubu uku, take ɗaya: yaya zan bambanta su?

Tambaya: Malam, ina sayar da shadda da atamfa a kasuwar Wuse, kuma ina da shagon intanet na WooCommerce mai kaya kusan 3,000. A Google duk take ɗaya suke fitowa da shi: "Shadda mai kyau". Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ke nan? Daga wata 'yar kasuwa, Abuja.

Amsa: A'a Hajiya, samfuri ɗaya za ki rubuta mai gurabu, shagon ya riƙa cike su da bayanan kowane kaya. Idan kina da Rank Math, manhajar da ake ƙara wa shagon don tsara yadda yake fitowa a Google, shiga Titles & Meta, ki zaɓi Products, ki sa wannan a wurin take:

```
%title% %customterm(pa_kala)% %customterm(pa_yadi)% %sep% %sitename%
```

Idan sunan kayan a shagon "Shadda Gezina" ne, shaddar da a da ba ta da bambanci da sauran za ta koma "Shadda Gezina ruwan toka yadi 10", sannan sunan shagonki. Abin da ya bambanta kayan shi ke zuwa gaba, domin Google yakan datse take idan ya haura haruffa 60 ko kusa da haka. Gara sunan shago ya yanke da a rasa kala.

Sai dai samfuri ba ya ƙirƙiro abin da ba a ba shi ba. Dole kala da yadi su kasance an shigar da su ta Products, sashen Attributes, da sunayen kala da yadi, ba a cikin dogon bayanin kaya kawai ba. Idan yaron shago ya bar gurbin kala babu komai a kaya 200, duk waɗanda suna da yadinsu ɗaya ne a cikin 200 ɗin za su sake fitowa iri ɗaya. Yawancin aikin a nan yake, kuma shi mutane suka fi ƙyuya a kai.

Don haka kafin ki kunna samfurin, ki fitar da kayan ta Export, ki buɗe a Excel, ki kwafe suna da kala da yadi zuwa sabon shafi, ki haɗa su a layin E, sannan a F2 ki rubuta:

```
=COUNTIF(E:E,E2)
```

Ki ja shi har ƙasa. Duk inda kika ga ya wuce 1, akwai maimaici. Ko dai a cike gurbin da aka bari, ko a ƙara `%wc_sku%`, lambar kayan, idan da gaske suna, kala da yadi duk ɗaya ne amma zane ya bambanta.

Gajeren bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take a Google ma haka za a yi masa, a tsaya wajen haruffa 150. Ni dai ba na son sa farashi a ciki, ganin yadda kuɗin kaya ke sauyawa. Google na iya ci gaba da nuna tsohon farashi har sai ya sake ziyartar shafin, mai saye kuma ya zo yana gardama.

Kayan da aka riga aka rubuta wa take da hannu ba za su bi samfurin ba sai an goge na hannun. Canjin kuma yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya bayyana a Google.