Takardar rahoton haɗari a gidan burodi: a saya ko a tsara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi a Tudun Wadan Kaduna da ma'aikata 14. Watan jiya injin murza kwaɓi ya datse wa wani yarona yatsa, da na nemi bayani kuwa kowa da nasa labarin. Wani mai ɗab'i ya nuna mini fom mai shafi uku, gurabensa sun haura 40. In saya, ko in tsara nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Shawarata ita ce ka tsara naka a shafi guda, domin wanda zai cike takardar shugaban masu aikin dare ne, da fulawa a hannunsa da burodi a tanda, kuma idan ya ga shafi uku zai ce sai da safe, alhali kafin safiya labarin ya sauya. Kowane gurbi ka tambayi kanka wa zai karanta shi, kuma wace shawara zai yanke da shi. Wanda ba shi da mai karantawa, irin su jihar asali da matakin ilimi, a cire.

Gurabe takwas sun wadatar. Huɗun farko gajeru ne: lambar rahoto, rana da lokaci, ainihin wurin ko injin, sai sunan wanda abin ya shafa tare da na wanda ya gani da idonsa. Na biyar shi ne abin da ya faru, kuma a nan aka fi yin ɓarna, saboda mutane kan rubuta hukunci maimakon abin da aka gani. Idan aka rubuta "sakacin yaro ne", ba ka samu komai ba sai wanda za a yi wa faɗa. Amma a ce an rubuta: "Ƙarfe 3:20 na dare wuta ta ɗauke, injin ya tsaya, yaron ya sa hannu yana ɓanɓare kwaɓin da ya maƙale a jikin ƙarfen murzar, aka tayar da janareta, injin ya tashi da kansa." Wannan bayani ya nuna maka cewa makunnin injin yana zama a kunne bayan ɗaukewar wuta, wanda kuwa abu ne da mai gyaran lantarki zai iya magancewa da makunnin da ba ya tashi sai an sake danna shi. Saboda haka ka buga ƙaramin umarni a ƙarƙashin gurbin: a rubuta abin da aka gani bi da bi, ban da ɗora laifi.

Na shida shi ne rauni ko asarar da aka yi, wace gaɓa ce ko buhu nawa ya lalace, na bakwai kuma matakin da aka ɗauka nan take, kamar ɗaure ciwo ko kai shi asibiti. Na takwas kai ne za ka cike shi da hannunka: gyaran da za a yi, wanda aka ɗora wa, ranar da zai gama, da sa hannun da ke tabbatar da an gama. Duk takardar da wannan gurbin nata ya wuce mako biyu babu komai, alama ce cewa rahoton ya zama ajiya kawai. Ka kuma bar ɗan akwati a sama na "an auna arziki", domin ranar da injin ya tashi hannu bai kai ba, ita ma a rubuta ta.

Gurbin rana da lokaci yana da nauyi a shari'a. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da ubangidansa raunin da ya samu, ta kuma ba ubangidan kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke kula da biyan diyyar ma'aikata, idan mutuwa ce kuma nan take. Takardarka ba za ta maye gurbin fom ɗin hukumar ba, amma daga cikinta za ka kwashi bayanin.

Kafin ka biya kuɗin ɗab'i, ka yi hoton kwafi 20, ka ba shugaban dare ya cike da haɗura uku da suka riga suka wuce. Idan ya haura minti biyar a kan ɗaya, ko ya tsallake gurbi guda a duka ukun, a gyara kalmomin gurbin ko a cire shi. Bayan wata guda sai ka sa mai ɗab'in ya yi maka littafi mai kwafi biyu da lambobi a jere kamar na rasit, da Hausa, tunda ita yaranka suke karantawa. Na sama ya zo ofis, na ƙasa ya zauna a littafin kusa da akwatin magani, kuma idan lamba 12 ta biyo bayan 10, ka san an yage ɗaya, sai ka tambayi dalili.