Awo Biyar da Matsakaici: Me Suka Tabbatar?

"Na haɗa sikeli don aikin kammala karatu. Na auna kilo ɗaya na shinkafa sau biyar: 1,018, 1,021, 1,020, 1,022, 1,019. Matsakaici giram 1,020. Zan iya rubuta cewa sikelin abin dogaro ne?"

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Alkalumanka sun nuna abu guda: sikelin ba ya sauya magana, tunda tazarar babba da ƙarami giram 4 ce kawai. Rubuta tazarar nan kusa da matsakaicin, domin 990 da 1,050 ma 1,020 za su ba ka.

Amma ina giram 20 ɗin nan suka fito? Ko mai shago ya yi maka gyara, ko sikelin na ƙari kullum. In na biyun ne, ko sau dubu ka auna, matsakaici ba zai gyara shi ba. Nemi dutsen awo tantancacce a ɗakin gwaji, ka sauke shi bayan kowane awo, allo ya koma sifili.

Sannan nauyi ɗaya ka gwada, a rana ɗaya. Kada ka yi wa kilo 5 alkawari. Yawan awon da ya isa kuwa, tambayi malamin da ke duba aikinka ko masanin ƙididdiga.